Tumbin Aro

A shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, tumbi ne katin shaida a Abuja. Man fetur ya yi daraja a kasuwar duniya, kwangila tana zuba, kuma duk wanda aka ƙara wa girma a ma'aikata, kafin a jima sai telansa ya ƙara masa yadi. Taubashina kaɗai Allah ya hana. Ɗan gwaggona ne, gida ɗaya muka tashi a Zariya, kuma tun muna yara idan ya tsaya bayan turken akuya sai an neme shi. Ya ci tuwo, ya ci nama, ya sha fura da nono har a ji tausayin ƙwaryar, amma ba wanda ya taɓa ganin inda abincin yake sauka.

Aka ba shi darakta, aka ba shi gida a Maitama, aka ba shi mota da direba. Direban nan kuwa ƙato ne, wuyansa kamar na sa. Ranar da suka fara shiga gidan, maigadi ya ƙame ya sara wa direba, ya dubi taubashina ya ce masa ya shigo da jakar Oga. Na yi shekara ina cin wannan labari, domin tsakanina da shi akwai wasa, kuma ban taɓa yafe haƙƙina ba. Ni ina kiransa Yallaɓai, da irin muryar da ya san ba girmamawa ba ce. Shi yana kirana Likitar Gilashi, wai tun da na gama karatu ban taɓa warkar da kowa ba, sai leƙen jini.

Gaskiyarsa ta wani gefen. A sashen jini nake aiki, a wani asibitin gwamnati, ina zaune Jikwoyi, kullum ina cin cunkoson Nyanya safe da yamma. Aikina in shafa ɗigon jini a kan ɗan gilashi, in rina shi, in sa a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, in faɗa wa sauran likitoci abin da na gani.

Amma ba maigadi ne ya fi damun taubashina ba. Gwaggo ce. Idonta ya yi rauni har ya zama da hannu take gani. Duk Sallah in ya je gida, sai ta ce ya matso, ta kama tsintsiyar hannunsa, ta zagaye da yatsu biyu, yatsun su haɗu har su wuce juna. Sai ta fara kuka.

"Garin nan ba ya ba ka abinci ne? Ko matarka ce ba ta iya girki ba?"

A wancan lokacin kuwa, mutum ya je birni ya dawo a rame, maƙwabta ba sa cewa komai, kallon juna kawai suke yi, kowa ya san ciwon da suke nufi. Gwaggo ba ta ganin kallon, amma tana jin shirun. Shi kuma ya sha gaya mini, cikin wasa irin wanda ba wasa ba, cewa burinsa ɗaya ne a duniya: ya je Sallah sau ɗaya tak Gwaggo ta taɓa shi ba ta yi kuka ba.

Kwatsam sai ya fara ƙiba. Na yi 'yan watanni ban gan shi ba, da muka haɗu a wani suna, saura kaɗan in wuce shi. Fuska ta yi zagaye, kumatu sun fito suna sheƙi, ga tumbi ya ɗaga gaban riga. Mutane suna ta taya shi murna kamar an yi masa haihuwa. Na ce, "Yallaɓai, wace kwangila ka haɗiye?" Ya shafa cikin ya ce kwanciyar hankali ce, wadda mazauna Jikwoyi ba su san ta ba. Na yi dariya, muka ci shinkafa, muka rabu.

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, matarsa ta kira ni a waya tana kuka. Lokacin wayar hannu sabuwa ce, ana ƙirga magana kamar gwal, amma Hajiya ta saki baki. Wai ofis ya tura manyan ma'aikata a duba lafiyarsu a wani asibitin kuɗi, irin wanda ake ba ka shayi kafin a soka maka allura. Aka ce fararen ƙwayoyin jininsa sun yi yawa. Aka ce infekshan ne, aka haɗa masa taifod da maleriya, tagwayen da ba a rabawa a Abuja, aka yi masa allurai har mazaunansa suka ƙi kujera. Aka sake aunawa, lissafi bai sauka ba. Sai wani ya furta kansar jini. Yanzu ga akwatuna an sauko da su, ana neman biza.

"Dokta, ki zo, don Allah. Ya zauna yana ta rubuta wa yara nasiha."

Na ce ta kawo mini shi asibitinmu da safe, ta bar akwatunan inda suke.

Ya zo yana haki, domin lif ɗinmu ya mutu tun zamanin soja, kuma sashenmu a sama yake. Ga shi matsoracin allura na bugawa a jarida. Ya ga sirinji ya fara salati. Na ɗebi jinin haka nan, sannan na sa shi ya zauna a ofishina, na ba shi jarida, na ce kada ya motsa. Da zuciyarsa ta kwanta, gumi ya bushe, bayan fiye da awa guda, na sake ɗiba a ɗaya hannun.

"Sayarwa kike yi?" ya ce.

"Wa zai sayi jinin darakta? Rabinsa shayi ne."

Dalilina shi ne, tsoro da gudu suna iya ɗaga lissafin. Fararen ƙwayoyin jini su ne masu tsaron jiki, kuma kala-kala ne. Mafi yawansu a jinin babban mutum ana kiransu nutrofil, su ne masu cinye bakteriya. Kusan rabinsu ba sa yawo a tsakiyar jini, suna manne ne a bangon jijiyoyi, kuma sirinji ba ya ɗibar na bango. Na kwatanta masa da ma'aikatarsu. Na ce, a ranar da ba komai, rabin ma'aikata suna baranda suna hira, in ka leƙa ofis ka ƙirga sai ka ce ba mutane. Amma a ji jiniyar minista, nan da nan kowa ya faɗo ciki, ofis ya cika maƙil. Ba a ɗauki sabon ma'aikaci ko ɗaya ba. Haka firgita take yi wa jini, kuma in minista ya tafi, kowa ya koma baranda.

"To ni ministan ya tafi?"

Bai tafi ba. Jinin farko ya ɗan fi na biyu, amma na biyun ma dubu goma sha bakwai ne, alhali iyakar da muke sa ran gani a lafiyayyen mutum ba ta wuce dubu goma sha ɗaya, kuma lissafin mutanenmu baƙar fata ma ya fi zama can ƙasa. Ke nan ba allura da matakala ne kaɗai ba.

Hajiya kuwa ta dage sai an auna nata, tunda ɗaki ɗaya suke kwana. Tana fama da mura da ciwon maƙogwaro. Nata ma ya ɗan hau, ta ga lambar ta ɗora hannu a ka, wai ta ɗauka. Na nuna mata cewa nata daban ne. Waɗanda suka ƙaru a jininta limfosait ne, wata ƙabilar fararen ƙwayoyin, waɗanda suka fi tashi in bairos ne ya shigo, irin na mura da ƙyanda. Na gan su a gilashi, wasu sun buɗe sun yi faɗi, alamar suna bakin aiki. Na ce ta je ta sha ruwan ɗumi da zuma, kada ta bari kowa ya soka mata komai, in ta warke a sake dubawa. Ta ɗan ji haushi. A Maitama ba a son ciwon da ba shi da allura.

Sannan na zauna da gilashin Yallaɓai. Inji yana ba ka lamba, amma ba ya gaya maka su wane ne a cikin taron, sai ka duba da ido. Nutrofil da ta balaga, ƙwallon cikinta a rarrabe yake gida-gida, kamar gyaɗa mai 'ya'ya uku. Wadda ba ta gama nuna ba, ƙwallon nata guda ne, a lanƙwashe kamar ayaba. Ɓargo ne yake ƙera su, kuma ba ya sakin ƙananan da yawa sai in yaƙi ya ci manyan. In muka ga 'yan ayaban nan sun yawaita, mukan ce lissafi ya karkata hagu, domin a tsohon tsarin jera su, a hagu ake sa ƙanana. Wannan shi ne abin da ciwon bakteriya mai tsanani ya saba yi.

A jinin taubashina babu karkata ko kaɗan. Duk manya ne, balagaggu, tsaf-tsaf, ba alamar sun taɓa ganin yaƙi. Limfosait sun yi ƙaranci. Wata ƙabilar kuma da ake kira iyosinofil, masu jajayen ɗigo, na zagaye gilashin ban ga ko ɗaya ba, abin mamaki a jikin mutumin da ya tashi yana wanka a kududdufin Zariya. Jajayen ƙwayoyi lafiya, masu daskarar da jini lafiya. Kansar da ake tsoro, da ita ce, da na ga jarirai da yara da matasan ƙwayoyi duk a cakuɗe, kuma sau da yawa saifa takan kumbura. Na kwantar da shi na laluba, saifarsa tana inda Allah ya ajiye ta.

A wurin lalubar ne na ga sauran. Tumbin nan da ake taya murna yana da zane-zane ja-ja a gefe. Ga tozo ya fara fitowa a bayan wuya. Hannuwa da ƙafafu kuwa suna nan yadda na san su, har sun fi da sirantaka. Sukarinsa ma ya ɗan hau.

Na ce wa Hajiya ta je ta sayo mana ruwa. Na rufe ƙofa.

"Yallaɓai, me kake sha?"

"Shayi. Kin faɗa da bakinki."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ga jiki da kansa yana iya yin irin wannan, in wani ƙari ya fito a ciki. In ka ce ba ka shan komai, sai in fara nemansa, kuma neman allura ne safe da yamma."

Kalmar allura ce ta karya shi. Ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da wata 'yar leda, ƙananan ƙwayoyi farare a ciki. Sha-ka-fashe. Ƙwayar da 'yan mata suke sha kafin biki don su cika zane. Direbansa ne ya ba shi sirrin, kuma shi yake sayo masa a wani kyamis a Uke duk lokacin da suka bi hanyar Keffi, don kada a gan su a cikin gari. Na karanta jikin takardar ƙwayar: deksa ce, ɗaya daga magungunan da muke kira sitiroid. Ya yi watanni yana sha kullum.

Allah ya gani, na yi ƙoƙarin riƙe dariya. Ban iya ba. Darakta guda, mai digiri biyu, yana gyaran jiki kamar amarya. Na tambaye shi ko an sa ranar kamu, in fara neman anko. Ya ƙyale ni na gama, sannan ya ce, a hankali, "Gwaggonki ce."

Na daina dariya. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, duk a lokaci guda.

Na yi masa bayani yadda zai gane. Sitiroid yana kakkaɓo nutrofil daga bango, yana hana su fita daga jijiya zuwa cikin tsoka inda aikinsu yake, yana tsawaita kwanansu, yana kuma ɗan turo ƙari daga ɓargo. Limfosait da iyosinofil kuwa sai ya kore su daga jini. Shi ya sa lissafi ya hau ba tare da wani ciwo ba. Na ce, ofis ya cika, amma an kulle ƙofa, ba mai fita aiki. Abin tsoron shi ne, in ciwo na gaske ya zo, masu tsaron ba za su isa wurin da kyau ba, kuma maganin yana danne zazzaɓi da zafin ciwo, sai abu ya yi nisa mutum bai sani ba.

"To in zubar?"

"Kada ka kuskura. Jikinka ya saba ana ba shi daga waje, ya daina yin nasa. Ka yanke lokaci guda, kana iya faɗuwa. A hankali za mu rage."

Na tsara masa yadda zai rinƙa ragewa. Ya ce ya ji, amma da sharaɗi: in rantse ba zan gaya wa Hajiya ba, ba zan gaya wa kowa a Zariya ba. Ya ce in labarin ya fita, gara kansar. Na yi masa alkawari, domin sirrin majinyaci dama nasa ne. Da Hajiya ta dawo da ruwa na ce mata babu kansa, a mayar da akwatuna, wani magani ne ya ɗaga lissafin kuma mun gyara. Ta yi sujada a kan simintin ofishina, ba ta ma tambayi wane magani ba.

Ya yi kunnen uwar shegu da ragewar. Daga baya na sani. Ya lissafa cewa in ya fara ragewa, kumatun za su zube kafin Sallah, kuma an riga an ɗinka malum-malum a kan sabon awo. Duk sanda na kira sai ya ce, "Ana ragewa, Likitar Gilashi." Ya je Zariya ya yi Sallah, ni ina bakin aiki ban je ba. Da ya dawo na tambaye shi yadda Gwaggo ta yi.

"Ba ta yi kuka ba," ya ce.

"To alhamdu lillahi. Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta shafa fuskata, ta kama hannuna, ta ce a kawo mini abinci."

Ya faɗe shi kamar wanda ya ci nasara, amma muryar ba ta kai nasara ba.

Bayan Sallah da kaɗan, wata ranar Talata da hantsi, sai ga shi a ofishina da Hajiya, cikin shadda mai sitaci. Suna hanyar filin jirgi ne, zai tafi wani taro a Legas. Hajiya ce ta tilasta su biyo. Wai tun jiya yake cewa cikinsa yana ɗan murɗawa, bai ci abin kirki ba. Shi kuwa ya ce naman Sallah ne yake ramuwa. Na auna shi, ba zazzaɓi. Na danna cikin, ya ɗan yamutsa fuska, amma cikin bai yi tauri ba. Bugun zuciyarsa ne kawai ya fi yadda nake so sauri. Na tambayi abin da ya sha, Hajiya ta ce tun kafin Sallah yake shan maganin ciwon baya, irin mai ƙarfin nan na kyamis, safe da dare, wani lokaci ba ya ko karyawa.

Na ɗebi jini. Inji ya ba da dubu goma sha takwas. Ya leƙa lambar, ya ƙifta mini ido.

"Kin gani? Abin nan ne namu. Ofis ya cika. Mu tafi, Hajiya, jirgi ba ya jiran darakta."

Wato na koya masa karatu ya dawo yana karanta mini. Kuma a kan lamba kaɗai, ba wanda zai ce ya yi ƙarya, kusan ita ce ta wancan karon. Na ce ya ba ni lokacin shan shayi ɗaya. Na shafa, na rina, na sa ido.

Ba jinin da na sani ba ne. 'Yan ayaba ko'ina, har da waɗanda suka fi su ƙuruciya, waɗanda bai kamata a gan su a waje da ɓargo ba. Manyan kuma cikinsu ya cika da baƙaƙen ɗigo masu kauri, wasu da 'yan ramuka kamar an huda su. Sitiroid shi kaɗai ba ya yin haka. Wannan jinin jikin da ke yaƙi ne, manya suna ƙarewa a wani wuri, ɓargo yana turo yara. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji a kan gilashin baƙo ba.

Na fito na ce, "Ba za ka Legas ba."

"Ke da wa?"

Na aika aka kira likitan tiyata, wani dattijo mutumin Filato da ba ya son ɓata lokaci. Ya zo ya danna cikin, ya saurara, ya dubi takardar zafin jiki. Ya ce, "Dokta, wannan ciki soft ne. Babu fever. Ko za mu ba shi maganin olsa, ya dawo in ya ƙaru?"

Ban ga laifinsa ba, abin da hannunsa ya gaya masa ya faɗa. Abu ɗaya ne bai sani ba, kuma ni da mai cikin kaɗai muka san shi. Na dubi taubashina. Ya gane abin da nake shirin yi, ya girgiza kai a hankali, idonsa yana roƙona. Hajiya tana tsaye riƙe da jakarsa. Na ce mata ta ɗan ba mu wuri, ta ce ba inda za ta, an taɓa aikenta sayen ruwa sau ɗaya, ya isa.

Na ce, "Yallaɓai, ka faɗa ko in faɗa."

Ya juya fuska bango.

"Yana kan deksa," na ce. "Watanni. Kullum. Ga maganin ciwon baya a kai. Kuma akwai left shift, lissafi ya karkata hagu, ka zo ka gani da idonka."

Dattijon bai ma je ya gani ba. Fuskarsa ta canza, ya ce a kai shi hoto yanzu, a tsaye. Hoton ya nuna iska a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, inda iska ba ta da hurumin zama. Gyambon ciki ne ya huje, abin da ke ciki yana tsiyaya, maganin ƙiba ya rufe bakin ciwon. Da ya hau jirgin nan, ban san a wane gari za a sauke shi ba, ko a wane hali.

Hajiya ta ce, "Mene ne deksa?"

Wata nas da ke ɗaura masa ruwa, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Sha-ka-fashe, Hajiya."

Hajiya ta dubi mijinta, ta dubi tumbin da ta yi watanni tana karɓar yabo a kansa, domin kowa ya ɗauka girkinta ne. Sannan ta ce, "Ka tashi lafiya tukuna. Ina jiranka."

Ana tura shi ɗakin tiyata ya kama gefen rigata. Na sunkuya, ina zaton wasiyya ce.

"Maciya amana," ya ce.

"Na ji. In ka fito ka kai ni ƙara."

Abin dariyar shi ne, mai sa barci da ya ji labari, abu na farko da ya yi shi ne ɗura masa sitiroid ta jijiya, domin jikin da ya daina yin nasa ba zai iya ɗaukar wuƙa ba sai an tallafa masa. Maganin da ya kai shi teburin, da ɗan'uwansa aka riƙe shi a kai. Na zauna a benci tare da Hajiya da direba. Direban yana ta share gumi yana cewa da gurguwar Hausarsa, "Wallahi Madam, ni taimako na yi. Oga ta ce tana so ta yi jiki."

An ɗinke hujin, an wanke cikin. Kwanakin farko sun yi wuya, ciwon ya ƙi haɗewa da wuri, kamar yadda ya saba a jikin mai shan irin wannan magani. Kullum da safe ina ɗibar jininsa, yana salati, ina leƙawa. A hankali 'yan ayaban suka ragu, baƙaƙen ɗigon suka washe. Ranar da na ga iyosinofil guda ɗaya, ja-ja da ita a gefen gilashi, na yi mata sannu da zuwa da ƙarfi har abokan aikina suka waiwayo. Aka ci gaba da rage masa maganin kaɗan-kaɗan, wannan karon a hannun Hajiya, wadda ba a yi wa ƙarya sau biyu. Bai yi mini magana ba tsawon lokacin, sai dai ya miƙo hannu ya kau da kai.

Kumatun suka fara zubewa. Kafin a sallame shi ya koma taubashina na da, har da ragi. A lokacin ne aka kawo Gwaggo daga Zariya, domin ta ce in ba a kawo ta ba za ta taho da ƙafa. Ya roƙe mu a lulluɓe shi da bargo biyu, a sa masa filo a ciki. Hajiya ta ce ba za ta ƙara taya kowa ƙarya ba.

Na riƙo Gwaggo har bakin gadon. Ta laluba ta sami fuskarsa, ta bi ƙashin kumatu da yatsa, ta bi haɓa. Sannan ta gangaro ta kama tsintsiyar hannun, ta zagaye da yatsu biyu. Suka haɗu suka wuce juna. Ya rufe ido yana jiran kukan.

"Yauwa," ta ce. "Alhamdu lillahi. Ga ɗana."

Ya buɗe ido.

"Da Sallah wani ka kawo mini. Hannun naka ne, fuskar ba taka ba. Haka mahaifinka ya kumbura kafin ya tafi. Na kasa ko kuka, don kada in tsorata ka. Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Hawaye suka gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne, domin babu sauran kumatun da za su tare su. Ni ma na juya ina gyara ledar ruwan da ba ta buƙatar gyara.

Gwaggo ba ta saki hannun ba. Ta juyo wajen da take jin numfashina.

"Ke kuma, an ce likita ce. Kina gari ɗaya da shi. Dubi yadda ya rame. Ba kwa ba shi abinci ne?"

Sai ta fara kukanta na kowace Sallah. Taubashina ya riƙe ɗinkin cikinsa da ɗaya hannun don kada dariya ta farke shi, ya dube ni karo na farko tun ranar tiyata.

"Bar ta ta yi, Likitar Gilashi," ya ce. "Wannan na san shi."